“IN KA ZO ZA KA JI” BA AJANDA BA CE

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don haka mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa. Tun makon jiya ake ta aiko min saƙo, wasu na tambaya, wasu na zagi a fakaice, wai me ya sa na ƙi zuwa mitin ɗin ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa har aka ci ni tarar naira 500. Har an ce girman kai ne ya fara damuna tunda na shiga aji uku. To maimakon in yi ta amsa wa mutum ɗai-ɗai, bari in faɗa a nan sau ɗaya kowa ya ji. Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan kama sunan makaranta ba. Waɗanda muke tare a nan ƙasar Yarabawa sun san zancen, waɗanda ke wasu makarantun kuma na tabbata za su ga tasu ƙungiyar a ciki.

Eh, na ƙi zuwa. Kuma gobe ma in aka sake kiran mitin ba a faɗi abin da za a tattauna ba, ba zan je ba. Ga dalilina.

A semistar da ta wuce, wata Alhamis da daddare, saƙo ya shigo guruf ɗinmu na WhatsApp: “Mitin na gaggawa gobe ƙarfe 4:00 na yamma. Dole ne kowa ya halarta.” Shi ke nan. Ba a ce ga abin da ya faru ba. Kun san yadda zuciyar ɗan Arewa take a Kudu in ya ji kalmar gaggawa. Nan take na fara tunanin ko wani namu ne ya rasu, ko an kama wani, ko wata rigima ce ta tashi a kasuwa. Ina da gwaji ranar Asabar da safe, amma na rufe littafi na tafi.

Ƙarfe 4:00 mu bakwai ne a ajin da aka ara. Sai 5:20 aka buɗe da addu'a. Aka karanta rahoton zaman baya, aka yi gardamar minti ashirin a kan wanda ya goyi bayan wani ƙuduri da kowa ya manta da shi. Ciyaman ya yi jawabi a kan haɗin kai. Mataimakinsa ya tashi ya ce shi ba shi da abin ƙarawa, sannan ya ƙara na minti goma sha biyar. Ana cikin haka takardar halarta tana zagayawa, mu 28 muka sa hannu. Da aka tashi sallar Magariba na duba agogo, na tuna gwajina, na wuce ɗaki. Ba ni kaɗai ba, mu goma sha ɗaya ne ba mu dawo ba. Har na bar wurin ban ji gaggawar ba.

Washegari na tashi na ga sanarwa: “Babban zama ya amince da ƙarin kuɗin ƙungiya daga naira 1,000 zuwa naira 3,000 a kowace semista.” Na ce wane babban zaman? Ashe bayan sallah, a ƙarƙashin “sauran batutuwa”, aka kawo maganar. Mutum 17 suka rage, 11 suka ɗaga hannu, 6 suka ƙi. Tsarin mulkin ƙungiyarmu ya ce zama ba ya halatta sai kashi ɗaya cikin uku na mambobi sun halarta. Mu 78 ne a rajista, ke nan ana buƙatar mutum 26. Mutum 17 ba su kai ba. Amma takardar halarta ta nuna 28, kuma ita aka manna a rahoton zama. Wato sunana da sa hannuna suna cikin abin da ya halatta ƙarin da ban ji shi ba, ban yarda da shi ba, ban ma san za a kawo shi ba.

A nan nake so a tsaya a fahimce ni. Ban ce an ci kuɗin kowa ba. Mai yiwuwa ƙarin ma yana da dalili, don komai ya yi tsada. Abin da nake cewa shi ne mutum 11 sun ɗora wa mutum 78 nauyin naira 2,000 kowanne, jimilla naira 156,000 a semista, kuma da an rubuta “ƙarin kuɗin ƙungiya” a cikin gayyatar, wallahi da ajin nan bai ɗauke mu ba. Da wanda ke sayar da data don ya ci abinci ya zo. Da ƙannenmu 'yan aji ɗaya da ake aiko musu kuɗi a ƙirge sun zo. Da ni ma ban tafi bayan Magariba ba. Da ma'aji ya san za a tambaye shi ina kuɗin bara suka shiga, ya zo da littafinsa. Rashin ajandar nan shi ya zaɓi waɗanda za su yanke hukunci: waɗanda suka san abin da ke tafe, da waɗanda ba su da abin yi a daren.

Tun ranar na daina kallon ajanda a matsayin ƙa'idar 'yan boko. Ajanda ita ce ke gaya maka abu uku kafin ka ɗaga ƙafa: ko maganar ta shafe ka, me ya kamata ka zo da shi, kuma a wane lokaci ne bai kamata ka tashi ba. Wanda ya hana ka ita ya karɓe maka ukun nan duka, ko da gangan ko da sakaci.

Sai ga lissafin lokaci, wanda ba ma yi saboda ba a aljihu yake fita ba. A ce kowane ɗaya cikin mu 28 ya kashe awa uku, in an haɗa da jira da zuwa da komawa. Awa 84 ke nan, kwana uku da rabi cur na rayuwar ɗalibai, a makon gwaji. In Ciyaman ya ce kowa ya kawo naira 200, sai mun tambaye shi ta mece ce. Amma ya ce kowa ya kawo awa uku, sai mu miƙa ba tambaya. Ga kuɗin keke zuwa da dawowa ga mazauna wajen makaranta. Ga 'yan'uwanmu mata da za su koma ɗaki cikin duhu a garin da ba nasu ba.

To yanzu ga na makon jiya. Laraba ƙarfe 10:47 na dare: “Mitin na gaggawa gobe ƙarfe 4:00. Dole ne kowa ya halarta. Tarar naira 500 ga wanda bai zo ba.” Ban yi magana a guruf ba, don ban so Sakatare ya ji kamar na tsinka shi a gaban jama'a. Na bi shi ta gefe na rubuta masa:

“Salamu alaikum Malam Sakatare, sannu da ƙoƙari. Na ga sanarwar mitin. Don Allah me za a tattauna, kuma akwai abin da za a yanke hukunci a kansa? Ina da firatikal har 5:00, ina so in san ko in nemi izinin fita da wuri, da kuma abin da zan shirya.”

Ya amsa da kalma shida: “In ka zo za ka ji.”

Na sake rubutawa: “To Malam, in haka ne a yi min uzuri, ba zan samu zuwa ba. In an fitar da ajanda kafin azahar zan duba, in akwai inda ake buƙatata zan zo. In kuma an yanke wani abu, don Allah a rubuta cewa ba na wurin.”

Ku duba da kyau. Ban yi ƙaryar ciwo ba. Ban ce ina hanya ba alhali ina kwance. Ban yi shiru na ɓace ba. Waɗannan ukun su ne abin da yawancinmu muke yi, kuma su ake ɗauka a matsayin ladabi. Wanda ya faɗi gaskiya ya bar ƙofa a buɗe shi ne mara kunya. Wannan wane irin lissafi ne?

Da safe Ciyaman ya kira ni da kansa. Ya girme ni, kuma shi ya karɓe ni a tasha ranar da na fara zuwa garin nan, ban san ko'ina ba, ba na jin ko kalma ɗaya ta Yarabanci. Ba zan manta da wannan ba. Ya ce, “Ƙanena, yaushe ka fara sa wa manya sharaɗi? A gida in babba ya kira ka, tambayarsa kake yi me zai ce?” Na ce, “Yaya, in kai ne ka kira ni ɗakinka, ko ƙarfe biyun dare ne zan zo ban tambaya ba. Amma wannan ba kai ka kira ni ba, ƙungiya ce ta kira zama, kuma a zama ana sa hannu, ana ɗaga hannu, ana ɗora wa mutane kuɗi. Sa hannuna nake tambayar inda za a kai shi.” Ya yi shiru, sannan ya ce in na ƙi zuwa tara tana nan. Na ce na ji.

Wannan maganar ta “a gida ba a tambaya” ita ce aka fi jifana da ita, to bari in tsaya a kanta. Wane gidan? Katin ɗaurin aure yana zuwa da sunan ango da amarya da masallaci da lokaci. Mai shela in ya zagaya gari ba ya cewa “Sarki ya ce ku fito” ya yi shiru, sai ya faɗi ko gayya ce, ko rigakafi, ko an ga wata. Ko yaro aka aiko ya kira ka, kana ce masa “lafiya dai?” kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin tarbiyya. “Lafiya dai?” ɗin nan ita ce neman ajanda da Hausa. Mu da muka gaji cewa matambayi ba ya ɓata, yau mu ne za mu mayar da tambaya laifi?

In kuma ta boko ake so, nan ma ba su da mafaka. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta ce a ba masu hannun jari sanarwar kwana 21 kafin babban taro, kuma sanarwar ta faɗi wuri da rana da lokaci da irin abin da za a tattauna, da bayanin da zai ishi mutum ya yanke wa kansa ko zai je ko ba zai je ba. Ku lura, dokar da kanta ta ɗauka cewa ƙin zuwa zaɓi ne na wanda aka gayyata, kuma aikin mai gayyata ne ya ba shi abin da zai yi zaɓin da shi. Na san dokar nan ba ta hau kan ƙungiyar ɗalibai ba, misali kawai na kawo. Majalisar Dattawa ma ba ta zama sai da takardar jerin abubuwan da za a yi a ranar. Amma ba sai mun je Abuja ba. Na nemi tsarin mulkin ƙungiyarmu, wanda aka raba mana a aji ɗaya ba wanda ya karanta, na tarar an rubuta a ba da sanarwar kwana uku tare da ajanda. Ashe ba sabon abu na roƙa ba. Dokarmu ce da muka rubuta da hannunmu muka jefa ƙarƙashin katifa.

To me aka tattauna a mitin ɗin da na ƙi zuwa? Abokin ɗakina ya je, ya ba ni labari. Abu uku ne. Na farko gabatar da sababbin ɗalibai. Na biyu sanar da cewa rasit ya iso. Na uku, wanda shi ne ainihin maganar, hayar motar da za ta kai mu gida in an gama jarrabawa. Biyun farko sanarwa ce, layi biyu a guruf sun wadatar. Na ukun kuwa magana ce mai muhimmanci, don duk wanda ya taɓa bin hanyar nan shi kaɗai da kaya ya san darajar tafiya tare. Amma da aka zo kanta sai aka tsaya cak. Nawa ne kuɗin mota? Ba wanda ya je tasha ya tambaya. Mutum nawa za su tafi? Ba a sani ba, rabin masu tafiyar ba su zo ba. Yaushe kowa zai gama jarrabawa? Ba wanda ya zo da jadawalinsa. Aka yi awa biyu da rabi ana “a ganina”, aka tashi a kan cewa za a sake kiran wani zaman.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni ne nake da lambar direbobi biyu a tashar Sabo, tun tafiyar bara. Da Sakatare ya rubuta min “maganar motar gida ce”, da kafin azahar na kira su na zo da farashi. Ɓoye ajandar bai cuce ni ba kamar yadda ya cuci mitin ɗin kansa. Wannan shi ne abin da masu “in ka zo za ka ji” ba su gane ba: mutumin da bai san abin da za a tattauna ba, jikinsa kawai yake kawowa.

Na san abin da Sakatare zai ce, don ya faɗa wa wasu: in aka faɗi ajanda mutane ba sa zuwa. Gaskiya ne, wasu ba za su zo ba. Amma wannan amsa ce, ba matsala ba. In ka rubuta abin da za a yi mutane suka ga bai kai su bar karatu ba, to sun gaya maka cewa saƙo ya isa, ba sai an taru ba. Cika aji da mutanen da aka tsorata da kalmar gaggawa da tarar 500 ba haɗin kai ba ne. Kuma akwai ranar biya. Duk lokacin da aka kira gaggawa aka je aka tarar da maganar rasit, kalmar tana rage nauyi. Ranar da wani namu zai kwanta asibiti ana neman jini cikin awa ɗaya, da wace kalma za a kira mu?

Kada kuma wani ya ɗauki rubutun nan ya je ya jawo wa kansa. Akwai kiran da ba a ƙi. In shugaban sashe ya kira ka, ko malamin da ke duba aikinka na ƙarshe, ko kwamitin ladabtarwa, ka tafi. Abin da za ka iya yi shi ne ka tambaya cikin ladabi ko akwai takardar da za ka zo da ita, sau da yawa daga amsar za ka gane zancen. In na ladabtarwa ne ma, ka roƙi a rubuta maka abin da ake tuhumarka da shi, don kada ka shiga kana kare kanka daga abin da ba ka sani ba. Haka nan akwai maganar da ba a rubutawa a guruf mai mutum 78, kamar rigimar da ta shafi tsaronmu ko sirrin wani ɗalibi. Wanda ya san abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021 ya san akwai ranar da ake taruwa ba a tsaya rubuta jerin batutuwa ba. Amma ko a irin wannan ana iya cewa “maganar tsaro ce, ba za mu rubuta a nan ba, minti talatin.” Wannan ma ajanda ce. Ta gaya min nauyin abin da tsawonsa, kuma da gudu zan zo.

Yadda nake gane bambancin ba wuya. In na tambaya aka ba ni amsa a layi ɗaya, ko da a taƙaice, to akwai dalilin zama. In aka ce “abubuwa ne da yawa”, ko “ka dai zo”, ko aka amsa min da tara, to ɗayan biyu ne: ko mai kiran bai zauna ya yi tunanin abin da yake so ba, ko ya yi tunanin sosai kuma ba ya so ni in yi. Duka biyun ba su cancanci yammacina ba.

Abin da nake roƙo bai fi layi huɗu ba, kuma na tura wa Sakatare samfurinsa da maganar motar nan:

“Zama ranar Lahadi, 4:30 zuwa 5:15. Batu: motar tafiya gida. Za a yanke: ranar tashi da kuɗin kujera da wanda zai karɓi kafin alƙalami. Kowa ya zo da ranar da zai gama jarrabawa, wanda ba zai tafi da mu ba ba sai ya zo ba.”

Sai sharaɗi ɗaya da nake so babban zama ya amince da shi: kada a sake yanke maganar kuɗi ko zaɓe ko hukunta wani a ƙarƙashin “sauran batutuwa”. In abu ya taso a nan, a rubuta shi, ya zama batu na farko a zama mai zuwa. Kuma a ƙirga mutane a lokacin ɗaga hannu, ba a lokacin da takarda ta zagaya ba.

Tarar 500 kuwa na biya, na karɓi rasit, don kada a ce kuɗin ne ya dame ni. Amma na rubuta wa shugabanni cewa zaman da aka ci ni tara a kansa an kira shi da sanarwar awa goma sha bakwai ba ajanda, alhali tsarin mulki ya ce kwana uku da ajanda, don haka ina neman a sa wannan a jerin batutuwan zama na gaba. Har yanzu ba a amsa min ba. Akwai waɗanda suka rage gaisawa da ni a masallaci, kuma ba zan ce abin bai dame ni ba. A garin da ba ka da uwa ba ka da uba, ƙungiyar nan ita ce danginka, ba abin wasa ba ne a ce ka fita daban. Amma ƙanne uku 'yan aji ɗaya sun biyo ni ta gefe sun ce tun ƙarin kuɗin nan abin ke cin su, ba su da bakin magana ne kawai. Saboda su na yi rubutun nan a fili.

Yaya Ciyaman, na san za a kai maka. Girmanka yana nan a wurina, ko yau ka kira ni ɗakinka zan zo. Na riga na kira direbobin nan biyu, farashinsu yana hannuna. A fitar da ajandar Lahadi, ni zan riga kowa zuwa in share ajin.

Ku kuma na sauran makarantu, ya abin yake a wurinku? Ana ba ku ajanda, ko ku ma sai kun je kuke ji?